Jawabin Miƙa Kyautar Bankwana ga Baba Maƙwabcinmu



Yau mun taru ne domin mu yi bankwana da Baba, wanda ya yanke shawarar komawa gida wajen Ringim, kusa da 'ya'yansa. Tun 1988 gonarsa take jingine da gonar ikkilisiya a nan tsakanin Kura da Bunkure. Kafin mu buɗe abin da ke lulluɓe a gabanku, bari mu faɗi dalilin da ya sa muka zaɓe shi.

Duk wanda yake noman rani a nan ya san yadda ruwa yake zuwa mana. Daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, yake gangarowa da kansa ta babbar hanyar ruwa, ya rabu zuwa ƙanana, har ya kai wadda take bi ta kan gonaki. Ba inji, ba fetur. Amma akwai na sama, akwai na ƙasa. Gonar Baba ce farko a layinmu, tamu ce ta ƙarshe. Idan na sama ya tare ruwa har ya ƙoshi, ko ya bar ciyawa da laka suka cushe gefensa, na ƙasa ba zai ga kome ba sai danshi. A watan Maris, lokacin da zafi ya tashi kuma tumatir yake fure, jinkirin 'yan kwanaki ya isa ya sa furen ya zube. Mun san layukan da aka ɗaga fartanya a kan wannan magana.

A namu layin ba a taɓa yi ba. Baba yakan yi ban ruwa bayan sallar asuba, hantsi na yi ya buɗe mana hanya, ko da fangalinsa na ƙarshe bai gama sha ba. Da ya lura ranar Lahadi muna cikin sujada, sai ya mayar da ita ranarsa, ya bar mana Jumma'a. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda. A 2016, da tsutsar tumatir ta cinye gonaki har kwanduna suka yi ƙaranci a Kwanar Gafan, shi ya ba mu irin albasa, ya ce mu biya in mun cire. Da muka kai masa kuɗin, rabi kawai ya karɓa.

To, Baba, inda za ka ruwa ba ya hawa gona da kansa, sai an ɗaga shi daga kogi ko rijiyar fadama. Shi ya sa dattawa suka ce kada mu tsaya a kan riga da hula. A kakar shinkafa kowane gida ya kawo kwano biyar, zumuntar mata suka ƙara da buhu biyu, matasa kuma suka ba da kuɗin ƙwadagon kwana ɗaya. Da wannan muka sayi injin ban ruwa mai inci uku, da tiyo ɗinsa. Ga shi nan, a yaye mayafin.

Jikokin Baba, ku da za ku riƙa tayar da shi, ku saurara. Ku cika cikinsa da ruwa kafin ku ja igiya, domin in ya yi gudu a bushe zai lalace. Ku kafa shi kusa da bakin ruwa, gama in zurfin ya kai wajen mita 7 jansa yakan yi rauni ƙwarai. Kullum ku duba baƙin mai. In kun ji yana ƙara amma ruwa ba ya fita, iska ce take shiga ta mahaɗin tiyo, ku ɗaure shi sosai.

'Yan'uwa, mu kuma da sauran aiki a gabanmu. Wani ne zai karɓi gonar Baba, kuma bai san wannan tsari ba. Muna roƙon dattawa su je su gaishe shi kafin a fara noman rani, matasa kuma su yashe hanyar ruwan tun daga sama, har da gefensa. Kada mu jira sai shi ya fara.

Baba, Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. In mun saɓa maka, ko dabbobinmu sun taɓa yi maka ɓarna, ka yafe mana. Kogin Kano yana haɗuwa da Challawa, ya bi ta Wudil, ya kai Ringim. Yanzu kai ne a ƙasa, mu ne a sama, kuma ba za mu manta da abin da ka koya mana ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya albarkaci zuriyarka, ya bar zumunci.