Ƙararrawa ta yi ƙara: gobara ce ko turaren wuta?

Yau za mu taɓa wani abu da ke rikita ɗalibai da yawa a ilimin ƙididdiga, wato kuskure nau'i na ɗaya da kuskure nau'i na biyu. Ana haddace su don jarrabawa, bayan mako guda an manta wanne ne wanne. To ni da ƙararrawar hayaƙi zan yi muku bayani, na'urar nan da ake liƙawa a silin otal ko ofis, wadda ke tsala ƙara idan ta ji hayaƙi.

Wannan na'ura tambaya ɗaya take amsawa dare da rana: akwai gobara ko babu? Kuma tana farawa ne da zaton cewa babu komai, lafiya lau. Ba za ta bar wannan zato ba sai hayaƙin da ya shige ta ya wuce wani mizani da aka saita mata. Masu bincike ma haka suke yi. Suna farawa da zato na asali, wanda ake rubutawa H0, cewa babu bambanci, sabon magani bai fi tsoho ba, sabon taki bai ƙara amfanin gona ba. Sai hujja ta yi ƙarfi sannan su yi watsi da shi.

To a ina ake kuskure? Hanya biyu ce kawai. Ta farko: an kunna turaren wuta, ko ana suyar kifi a kicin, ƙararrawa ta ɗauka, kowa ya fito a guje, alhali babu wuta. Wannan shi ne nau'i na ɗaya, ka ce akwai abu alhali babu. Ta biyu: wayar lantarki tana cin katifa a hankali cikin dare, ƙararrawa ta yi gum. Wannan shi ne nau'i na biyu, abu yana nan ka ce babu. Na ɗaya ihun banza, na biyu shirun banza. Jerzy Neyman da Egon Pearson ne suka tsara wannan rabe-rabe, a rubuce-rubucensu na 1928 da 1933. Yiwuwar yin na ɗaya ana kiranta alfa, ta na biyu kuma beta.

Yanzu bari mu yi lissafi. Alƙaluman misali ne na zaɓa don su yi sauƙin bi. A ce a ɗakunan kwanan ɗalibai an yi darare 1,000 babu gobara, an kuma yi darare 10 da wuta ta tashi da gaske. Mun saita ƙararrawa yadda alfa ya zama kashi 5 cikin 100, beta kuma kashi 20 cikin 100. A dararen lafiya 1,000, za ta yi ihun banza sau 50. A dararen wuta 10, za ta kama 8, ta yi shiru a 2.

Ɗalibai suka gaji da tashin tsakar dare, suka ce a rage mata ji. Aka ɗaga mizani, alfa ya sauko kashi 1 cikin 100. Ihun banza ya koma sau 10 kacal, kowa ya ji daɗi. Amma fa yanzu sai hayaƙi ya turnuƙe kafin ta motsa, don haka a ce gobara 5 cikin 10 suna wucewa ba ta ce uffan ba. Kun ga abin da ya faru? Na'urar ba ta ƙara kyau ba. Kuskure muka kwashe daga wannan gefe muka zuba a wancan. Muddin na'ura ɗaya ce, a wuri ɗaya, in ka danne alfa, beta zai taso.

Akwai wani tarko a nan da nake so ku lura da shi. Mu koma saiti na farko. Ƙararrawa ta yi ƙara sau 58 gaba ɗaya, 50 na banza, 8 na gaske. Wato cikin duk ƙara bakwai, kusan shida ba wuta ba ce. Mutane da yawa suna ɗauka alfa na kashi 5 yana nufin kashi 5 ne kawai na ƙararrakin da aka ji ƙarya ne. A'a. Alfa yana magana ne a kan dararen da babu wuta: kashi nawa cikinsu za a yi ihu. Idan abin da ake nema ba kasafai yake faruwa ba, ihun banza zai iya rinjayar na gaske ko da alfa ƙarami ne.

To wanne kuskure ya fi muni? Lissafi ba zai amsa muku wannan ba, asarar da ke bayan kowanne ce za ta amsa. A gobara, ihun banza barci ya ci maka, shirun banza kuwa rai yake ci. Shi ya sa ake barin ƙararrawa da saurin ji. A kotu kuwa akasin haka ne: zato na asali shi ne wanda ake tuhuma ba shi da laifi, kuma ɗaure marar laifi ne aka fi tsoro, don haka ake neman hujja mai ƙarfi sosai. Kashi 5 ɗin nan da kuke gani a littattafai al'ada ce ta masu bincike, ba doka ce ta halitta ba.

Amma kada a ce to a bar ta ta yi ta ihu. Ƙararrawar da ta cika damu, ƙarshenta wani zai hau kujera ya zare mata batir. Daga ranar, duk gobarar da ta tashi za ta wuce shiru. Yawan nau'i na ɗaya ya haifi cikakken nau'i na biyu ke nan.

Shin akwai hanyar rage duka biyun? Akwai, amma ba ta juya mizani ba. Sai an inganta yadda ake samun labari. Ana ba da shawarar a nesanta ƙararrawa da murhu aƙalla mita 3. Sannan irin na'urar da ke gano hayaƙi ta hanyar haske ta fi saurin kama wutar da ke ci a ɓoye, kuma hayaƙin girki bai cika ruɗinta ba kamar ɗaya nau'in. A bincike, kwatankwacin wannan shi ne ƙara yawan waɗanda aka gwada da kyautata awo. Gwajin taki a gonaki 10 hancinsa a toshe yake. A gonaki 200, da alfa ɗin nan dai, zai fi iya shinshino bambanci idan akwai shi. Wannan iyawa ita ake kira ƙarfin gwaji, wato 1 − β, kuma yawanci ana so ta kai kashi 80 cikin 100.

Don haka idan kuka karanta cewa bincike "bai sami bambanci ba", ku tambaya mutum nawa aka gwada, domin shirun ƙararrawa marar ji ba shaidar babu wuta ba ne. Idan kuma aka ce "an gano", ku tambaya abubuwa nawa aka gwada kafin a dace da wannan. Wanda ya yi gwaji 20 a kan abubuwan da babu komai cikinsu, da alfa na kashi 5, ana sa ran ɗaya zai yi masa ƙara.

Nan za mu dakata. Ku huta lafiya, sai mun haɗu a shiri na gaba.