Kafin a dangwala yatsa a takardar bashi

Jawabin da muka gabatar a taron wayar da kai na iyalai, daga ofishin kare haƙƙin 'yan gudun hijira, jihar Maraɗi

 

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Da yawa daga cikinmu suna karɓar rance a asusun lamuni don kiwo, ko suyar ƙosai, ko ɗan tireda. Takardar tana zuwa da Faransanci, mu kuwa mafi yawanmu daga Sakkwato, Zamfara da Katsina muka fito. Abin da aka saba tambaya biyu ne: nawa za a ba ni, nawa zan riƙa biya? Yau muna so ku ƙara ta uku: idan na makara, me takardar ta ce za a yi mini? Amsar tana wurare huɗu, kuma za mu bi su da misali ɗaya.

A ce wata baiwar Allah ta karɓi jika 100, wato sefa 100,000, za ta biya cikin wata 10. Kuɗin ruwa ɗaya ne cikin ɗari na abin da ta karɓa, kowane wata. Kenan duk wata tana kai 11,000: 10,000 na uwar kuɗi, 1,000 na ruwa. Ta biya wata huɗu lafiya lau. A wata na biyar yaro ya kwanta ciwo, ba ta kai komai ba.

Wuri na farko shi ne tarar makara. A misalinmu takardar ta ce 1,000. Sai a duba: sau ɗaya ake cin tarar ga kowane biyan da aka makara, ko kowane mako take sabuntuwa? Tarar 1,000 a mako ta zama 4,000 a wata. A kuma duba ko akwai kwanakin sassauci. Wata takardar tana ba da 'yan kwanaki bayan ranar biya, wata kuwa washegari tara ta hau. Idan ranar biya ta riga ranar kasuwarku ko ranar rabon tallafi, ku roƙi a matsar da ita tun kafin sa hannu.

Wuri na biyu shi ne ruwan makara. Wannan daban yake da tara, kuma ana iya haɗa wa mutum su biyun. Ruwa ne na ƙari da ke hawa muddin kuɗin bai shiga ba. A misalinmu biyu ne cikin ɗari a wata. Tambayar ita ce, a kan wane kuɗi? Idan a kan 11,000 ɗin da ta makara ne, 220 kenan. Idan a kan duk sauran uwar kuɗin ne, wato 60,000, ya zama 1,200, fiye da ninki biyar. Kalma biyu ko uku ne a takarda suke raba waɗannan.

Mu ɗauka mai sauƙin ne, 220. A wata na shida ta samu 11,000 ta kai, hankalinta ya kwanta, tana ganin wata ɗaya kawai ake bin ta. Amma takardu da yawa suna cewa duk kuɗin da ya shigo, tara da ruwan makara za a fara cira. Sai aka cire 1,220, aka zuba sauran 9,780 a wata na biyar. To, wata na biyar bai cika ba, na shida kuma ba a taɓa shi ba. A littafinsu biya biyu ta makara. Da tana so ta wanke kanta a ranar, 23,220 ya kamata ta kai. Don haka duk wanda ya biya a makare, ya sa a rubuta masa a rasit inda kuɗin ya shiga da abin da ya rage.

Wannan ya kawo mu wuri na uku, wanda ya fi kowanne nauyi: sharaɗin da ya ba mai bashi damar rushe wa'adi ya nemi kuɗinsa duka lokaci ɗaya. Takardar misalinmu ta ce idan an makara biya biyu, sauran bashin gaba ɗaya ya zama na yau. Ga lissafin. Biya shida da suka rage mata 66,000 ne. A ƙara 1,220, a ƙara sabuwar tarar 1,000 ta wata na shida, a cire 11,000 da ta kai. Ya zama 57,220, a hannu ɗaya, ga matar da ke neman 11,000 da ƙyar. Kuma a cikinsa akwai 4,000 na ruwan watanni huɗu da ba su zo ba tukuna. Ku tambaya ko ana yafe wannan idan an rushe wa'adi, domin takardu sun bambanta.

Ba makara kaɗai ke ta da wannan sharaɗi ba. Galibi akwai jerin dalilai a ƙarƙashinsa, ku sa a karanta muku su ɗaya bayan ɗaya. Ana iya samun sayar da abin da aka jinginar, kamar akuya ko keken ɗinki. Ana iya samun kashe kuɗin a wani abu daban da wanda aka rubuta. Ana iya samun sauya mazauni ba tare da sanarwa ba, kuma wannan mu ya fi shafa, tunda ana iya mayar da iyali wani gari, ko su koma gida. A bashin ƙungiya kuwa, inda kowa ya tsaya wa kowa, makarar mutum ɗaya tana iya jawo a nemi kuɗin a wurin sauran. Sannan ku tambaya: za a aiko da takardar gargaɗi tukuna? Kwana nawa za a ba ni in gyara?

Wuri na huɗu shi ne ko ruwan tsayayye ne ko mai sauyawa. Tsayayye ba ya motsi har a gama biya. Mai sauyawa yana iya hawa a tsakiyar tafiya. Da a ce ruwan matar nan ya tashi daga ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan wata na huɗu, biyanta ya koma 11,500, ƙarin 3,000 kenan a wata shida, ko da ba ta makara ba. Idan takarda ta ce mai sauyawa ne, a nemi sanin me ake bi wajen sauya shi, sau nawa a shekara, kuma ina iyakarsa. Idan ta ce mai bashi zai sauya duk lokacin da ya ga dama, a dakata.

Akwai kariyar da dokar nan ƙasar ta ba kowa, har da mu. A Nijar da sauran ƙasashen da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO, dole ne a rubuta jimillar tsadar bashi ta shekara, ruwa haɗe da kuɗin buɗe takarda da makamantansu. Za ku ga haruffa uku, TEG, da lamba a gabansu. Tun shekarar 2014 aka ƙayyade wa asusun lamuni 24 cikin ɗari a shekara. Amma ku sani, ana lissafa wannan lamba ne bisa cewa za a biya kan lokaci, don haka ba za ta gaya muku abin da makara za ta ci ba.

Saboda haka, kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da aka bar gurbin lamba ko na kwanan wata babu rubutu. Ku karɓi kwafinku da jadawalin biya, ku ajiye kowane rasit tare da su. Kada ku ba da katinku na ɗan gudun hijira ko na rabon abinci jingina. Wanda ya ga zai makara, ya je kafin ranar ya nemi a sake tsara masa biya, kuma a rubuta abin da aka amince.

Duk wanda aka ba shi takarda, ya ce zai tafi da ita gida ya kwana biyu. Ya kawo ta ofishinmu, mu karanta masa da Hausa layi bayan layi, mu yi lissafin makarar wata ɗaya da na wata biyu da lambobinsa. Ba ma karɓar ko dala. Wanda kuma an riga an nemi ya biya duka, ya zo da takardar da rasit ɗinsa tun kafin ya sayar da wani abu.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya mayar da mu gida lafiya. Wanda ke da tambaya, bismillah.