Rubutun Zanen Barkwanci: Aikin Gida Na Uku



Zanen barkwanci mai jerin gidaje yana farawa ne da rubutu, kafin mai zane ya ɗauki alƙalami. Marubuci ya kasa labari gida-gida, a kowane gida ya faɗi abin da ido zai gani, da bayanin da zai zauna a sama, da maganar da za ta fito daga bakin mutum. Mutane da yawa sun san zanen Mustapha Bulama na Daily Trust, wanda galibi hoto guda ne mai saƙon siyasa. Jerin gidaje wata sana'a ce daban, domin shi lokaci yake sarrafawa. Gida huɗu sun isa ɗan gajeren labari. Da su Charles Schulz ya fara Peanuts a 1950, kuma Japanawa sun daɗe a kan wannan adadi.

Ga misali daga kasuwar shanu ta Mubi. Gida na ɗaya hoto ne daga nesa: ƙura, manyan motocin da ke lodi zuwa Kudu, dillali da wani Alhaji tsaye gaban wani ƙosasshen sa. Bayanin sama kalma biyar ne kacal: "Kasuwar shanu, Mubi, da hantsi." A gida na biyu an matso kusa. Dillali ya dafa tozon san yana cewa, "Alhaji, wannan ko yaro ya riƙe igiyarsa." Gida na uku babu magana ko ɗaya. Idon san ne ya cika hoton, ya juyo gefe, igiyar kuma tana zamewa daga hannun yaron da ke riƙe da ita. A gida na huɗu dillali da Alhaji suna can saman mota, hula da takalmi guda a ƙasa, san yana huci. Dillali ya ce, "Ka ga ƙarfi ko? Sai ka ƙara dubu hamsin."

Gida na ukun nan shi ne editoci ke fara yankewa idan fili ya yi kaɗan, wai ai babu rubutu a cikinsa. Wannan kuskure ne babba. Ido yana wuce gidan da ke da magana da zarar ya gama karatu, amma a gidan shiru sai ya tsaya neman abin da ake nufi, kuma a wannan tsayawar mai karatu ke hango masifar da dillali bai hango ba. Da ya riga dillali sani, ya shiga cikin wasan. Gudun da mutanen biyu suka yi da hawansu mota ba a zana su ba sam. Mai karatu ne ya ƙarasa su a kansa, a cikin ɗan farin filin da ke tsakanin gida na uku da na huɗu. Scott McCloud ya yi dogon bayani a kan wannan fili a littafinsa na 1993. Idan aka cire gidan shiru, tsallen ya yi nisa, mutum ya koma baya yana tambayar yadda aka yi suka hau mota. Idan kuma aka ƙara gida don nuna gudun, an sanar da ƙarshen tun kafin a isa, maganar dillali ta zo a sanyaye.

Wasu malamai na cewa ƙarfin raha a Hausa yana bakin mai magana, don haka a cika gidaje da zance. Wannan hujjar wasan kwaikwayon rediyo ce. Gidan da maganarsa ta haura kalma goma sha biyu, rubutu yakan rufe fuskar mai maganar, musamman a fuskar waya, inda akasarin matasa ke karanta irin wannan aiki yanzu. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe duk rubutun da yatsa. In har ba a gane cewa san ya kori mutane ba, marubuci bai ƙarasa aikinsa ba. Haka nan bayanin sama kada ya maimaita hoto. A rubuta "sai san ya fusata" a kan idon sa mai fushi raina mai karatu ne.

Akwai ƙa'ida guda da masu farawa ke mantawa. Boko daga hagu ake karanta shi, saboda haka wanda zai fara magana a tsayar da shi a hagu, in ba haka ba amsa ta riga tambaya. A ajami tsarin ya juye gaba ɗaya.

Sassan da ke koyar da harshe da aikin jarida a Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, duka a nan Mubi, ya kamata su sa wannan rubutu cikin darasin ƙirƙira. A haɗa ɗalibi mai rubutu da mai zane, a ba su gida huɗu, a wajabta guda ya zama shiru, sannan a ba da maki a kan takardar rubutun kafin a duba kyan zane.