Lambar da ke Jikin Waya da Gaskiyar da ke Cikinta
Jawabin kwamitin ayyuka a taron shekara



Da yawanmu muna zaune a birni muna gini a gida, muna aika kuɗin kayan wuta ba tare da mun gan su ba. Waya kuwa da zarar ta shige bango, sai dai a jira sakamako. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayanin yadda ake gane ta jabu.

Mu ɗauki wayar soket, wadda aka rubuta wa 2.5. Wannan lamba girman jan ƙarfen da ke ciki take nufi, ban da roba. Idan silin ƙwaya ɗaya ne, kaurinsa ya kamata ya kai milimita 1.78. Masu algus sukan sa silin milimita 1.38, wato na wayar 1.5, su ƙara kaurin roba don ido ya ruɗu. Ta gaskiya a cikin bututu tana ɗaukar kimanin amfiya 24, siririyar kuwa kimanin 17. To, idan aka ɗora su kan bireka mai amfiya 20, aka kunna dutsen guga da hita suka ja amfiya 19, bireka ba za ta yanke wuta ba, domin ba a wuce iyakarta ba. Ita kuwa siririyar sai ta yi ta zafi har robar ta lalace. Ta haka gobara kan tashi a gidan da birekarsa lafiya lau take.

Don haka kafin a biya, a fere bakin wayar a auna silin da ma'aunin kauri. A kankare shi da wuƙa: idan fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. A duba rubutun jikin roba, a ga sunan kamfani, girman waya da ƙarfin wutar da take jurewa, suna maimaituwa a tsawonta. Rubutun da yatsa ke gogewa abin zargi ne. Wayar da aka yi a Najeriya ta zo da tambarin MANCAP na hukumar SON, amma tambari ma ana kwaikwayonsa, don haka awo shi ne babban shaida.

Filogi mai ƙafa uku na ƙwarai yana ɗauke da lambar BS 1363, gindin gajerun ƙafafunsa biyu na lulluɓe da roba, kuma fis ɗinsa cike yake da yashi mai kashe tartsatsi. Birekar jabu kuwa sau da yawa ba ta da nauyi a hannu, domin makunni ne kawai, babu abin da ke yanke wuta a cikinta.

Muna roƙon duk mai gini ya wakilta amintacce ya tsaya a kan awon nan, ya karɓi rasit, ya ajiye guntun wayar. Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, amin.