A Auna Ɗaki Kafin a Sayi Na'urar Sanyi ko Fanka



Duk shekara idan bazara ta kunno kai, da yawa daga cikinmu kan ɗauki kuɗin adashe ko bashin ƙungiyar gama kai su nufi kasuwa neman fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Tambayar da mai shago kan yi ita ce, "Ɗakin babba ne ko ƙarami?" Mu kuma sai mu amsa da ƙiyasin ido. Amsar gaskiya kuwa tana cikin lissafin da muke koyar da 'yan aji biyar da shida, wato tsawo sau faɗi sau tsayi. Na'urar ba daɓe take sanyayawa ba, iskar da ta cika ɗakin tun daga ƙasa har silin take wa aiki, don haka yawan wannan iska muke bukatar sani.

Mu ɗauki tef mu auna ta cikin ɗaki, bango zuwa bango. A ce mun sami tsawo mita 4, faɗi mita 3.5, tsayi kuma daga daɓe zuwa silin mita 3. Huɗu sau uku da rabi ya ba mu 14, wannan shi ne filin daɓe a murabba'in mita. Sai mu riɓanya 14 sau 3, mu sami 42. Girman cikin ɗakin ke nan, kubik mita 42. Wanda ya auna da ƙafa sai ya riɓanya kowane awo sau 0.3 ya koma mita kafin ya fara. Idan ɗakin ba shi da silin, rufin kuma ya karkata, a auna wuri mafi tsayi da wuri mafi gajarta, a haɗa a raba biyu. Ɗaki mai kusurwa kuwa a yanka shi gida biyu a takarda, a lissafa kowane ɓangare, sannan a tara.

A kasuwanninmu ana sayar da na'urorin nan da ƙarfin doki, amma ainihin ma'aunin yana rubuce a jikin kwali da haruffan BTU, wato yawan zafin da na'urar ke iya kwashewa daga ɗaki cikin awa guda. Mai doki ɗaya kan kwashe kimanin 9,000, mai ɗaya da rabi 12,000, mai doki biyu 18,000. Ƙiyasin da ake amfani da shi a ƙasashe masu zafi shi ne a ware kimanin BTU 200 ga kowace kubik mita. Ɗakinmu mai 42 zai bukaci 8,400, don haka mai doki ɗaya ta ishe shi, matuƙar yana da inuwa da silin mai kyau, kuma mutum biyu ne ke kwana ciki.

To, mu ɗaga silin ɗin zuwa mita 3.6, kamar yadda ake samu a wasu tsofaffin gine-gine. Daɓe bai canza ba, yana nan 14, amma girman ciki ya koma 50.4, bukata kuma ta haura zuwa 10,080. Mai doki ɗaya ta gaza ke nan. A nan ne wanda ya tsaya ga tsawo da faɗi kawai yake yin asara, domin ɗakuna biyu da tabarma ɗaya za ta shimfiɗe su daidai suna iya bukatar na'urori daban.

Girman ciki mafari ne kawai, domin zafi yana da ƙofofin shiga. Idan rufin kwano ne da silin marar kauri, ko tagar tana fuskantar yamma rana na dukanta daga azahar har la'asar sakaliya, a ɗaga ƙiyasin zuwa 250. Sannan a ƙara 600 ga kowane mutum da ya haura biyu, saboda jikin ɗan Adam ma zafi yake fitarwa. Mu koma ga ɗakinmu na farko: 42 sau 250 ya zama 10,500. Idan mutum huɗu ke zama ciki, mu ƙara 1,200, jimla 11,700. Mai doki ɗaya da rabi ce ta dace da shi.

Wani zai ce, "Ai sai in sayi mafi girma in huta." Wannan ma akwai illa. Na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki tana saukar da zafi cikin 'yan mintoci, kwamfaresa ta tsaya, jim kaɗan ta sake tashi. Yawan tashi da tsayawa yana gajiyar da ita, kuma ba ta yin aiki tsawon lokacin da zai ishe ta tsane laimar iska. Alamarta ita ce da damina a ji ɗaki da sanyi amma jiki na danƙo. Ga tsadar saye, ga nauyin da take ɗora wa janareta duk lokacin da ta tashi. Wadda ta yi wa ɗaki kaɗan kuwa, za a ji kwamfaresarta tana ruri ba hutawa, ɗakin bai taɓa kaiwa sanyin da aka saita ba, kuɗin wuta na ta tafiya. Sai dai kafin a yanke mata hukunci a wanke ragar da ke tace ƙura, a toshe ƙasan ƙofa da gefen taga, domin ƙurar hunturu kaɗai kan sa lafiyayyar na'ura ta zama kamar raguwa.

Lissafin fankar sama daban yake, saboda ba ta rage zafin iska, kaɗa ta take yi gumi ya bushe jiki ya ji sanyi. Filin daɓe ne ke nuna faɗin fukafukanta: ɗaki mai murabba'in mita 14 mai inci 48 ta wadatar da shi, falo mai 20 zuwa 30 kuma mai inci 56. Doguwar barandar aji ko zaure gara a sa matsakaita biyu da babba ɗaya. Tsayin ɗaki kuwa shi ke nuna tsawon sandar da za a rataye ta. Kada fukafukai su sauko ƙasa da mita 2.1 daga daɓe, mafi kyau su tsaya tsakanin 2.4 da 2.7, kuma a bar kusan rabin mita tsakaninsu da bango. Fankar da aka manne a can saman silin mai mita 3.6 za ta yi ta juyi, na ƙasa bai ji komai ba.

Fankar da girman ciki ke yanke mata hukunci kai tsaye ita ce ta bango mai zuƙe hayaƙi ta fitar waje. Ɗakin girki mai mita 3 da 2.5 da 3 yana da kubik mita 22.5. Idan muna so a sabunta iskarsa sau 15 a awa, sai mu riɓanya, mu sami kusan 340. A duba kwali a tabbatar adadin da ke gaban alamar m³/h bai gaza haka ba, a kuma bar wata kafa da sabuwar iska za ta shigo, in ba haka ba fankar za ta yi ta ja babu abin ja.

Saboda haka, kafin mu tafi kasuwa mu rubuta awo uku, inda taga ta fuskanta, irin rufin, da yawan masu zama a ɗakin. Ƙiyasin nan na ɗakunan gida ne da ƙananan ofisoshi. Babban zauren taro ko ɗakin kwamfutoci sai an kira masanin aikin ya zo ya duba da kansa.

 Allah Ya sa mu ga damina lafiya.