Shafin Jerin Batutuwa: Rabin Minti Ya Ishe Shi

A taron bita ko na ƙara wa juna sani, sau da yawa za ku ga an ba mutum minti 15 ya yi jawabi da majigi. Bayan doguwar gaisuwa sai ya haska shafin jerin batutuwa mai layi takwas, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karantawa: gabatarwa, tarihi, manufa, har zuwa kammalawa. Kafin ya taɓo ainihin magana minti huɗu sun wuce, 'yan bayan zaure kuwa tuni sun koma kan wayoyinsu.

Aikin wannan shafi guda ne: ya nuna wa jama'a inda aka dosa. Kalmomi irin su "gabatarwa" da "kammalawa" ba sa yin haka, domin kowane jawabi yana da su. A ce malamin gona ne zai yi bayani kan adana wake. Layi uku sun wadatar: me ke jawo ƙwari cikin buhu, yadda buhu mai ninki uku ke kashe su, nawa manomi zai kashe. Ka ga kowane layi alkawari ne, mai sauraro ya san abin da zai tafi da shi gida.

Kada kuma a karanta shi, ai mutane suna da idanu. Jimla ɗaya ta isa: "Za mu fara da ɓarnar, mu ga maganin, mu ƙare da kuɗinsa." Daƙiƙa 30, a wuce. In jawabin bai fi minti biyar ba, a cire shafin ɗungurungum, a faɗi jimlar da baki.