Takardar Maganin Kaska: Yadda Muka Sake Rubuta Ta

Wannan shi ne jawabin da wani malamin dabbobi ya yi wa makiyaya da fataken shanu a unguwar Rumde Ajiya, cikin birnin Garwa.



Ga kwalba a hannuna, duk kun san ta. Maganin kaska ne irin na feshi, wanda ake kira amitiraz, mai ƙarfin kashi 12.5 cikin ɗari. Ana sayar da shi a kasuwannin shanu irin su Adumri da Pitowa, da shagunan magani na cikin gari. Ga kuma takardar da ke zuwa da shi, an ninke ta kamar laya. Yau kan wannan takarda zan yi magana.

Wata shekara da damina aka kira ni wata ruga a bakin Binuwai. Na tarar da jaki kwance, ciki ya kumbura, kwana biyu bai yi kashi ba. Mai shi ya ce bai ba shi komai ba. Da na matsa da tambaya, sai ya ce ya yi wa shanu feshi, ruwan magani ya ragu, ya ga kaska a jikin jakin, ya ce bari ya taimake shi. Jakin bai kwana ba. To, amitiraz ba a sa wa doki, ba a sa wa jaki, domin yana tsayar musu da hanji. An rubuta haka a takardar kuwa. Amma ina? A shafi na biyu, can ƙasa, da Faransanci, da ƙananan baƙaƙe, kuma da kalmar likitoci mai nufin dangin doki, wadda ko ɗansa da ya yi makarantar boko bai san ta ba. Yaron ya karanta masa yadda ake haɗawa, ya tsaya nan, don abin da aka tambaye shi ke nan. Ni ban ga laifin yaron ba.

Kamfani yakan rubuta takarda bisa tsarin da zai gamsar da hukuma: sunan magani, abin da ke ciki, ƙwarin da yake kashewa, yadda ake haɗawa, sannan gargaɗi daga ƙarshe. Shi kuwa makiyayi da ya ga awo ya ajiye takarda, ya ɗauki jarka. Gargaɗin da ya zo bayan awo, ihu ne bayan hari. Saboda haka muka zauna, mu kaɗan, muka sake rubuta ta a shafi guda, da Hausa da Fulatanci, da boko da ajami.

Abu na farko da muka yi shi ne zaɓe. Tsohuwar takarda cike take da gargaɗi, duk girmansu ɗaya, har wanda ya ce a ajiye a inuwa da wanda ya ce kada a sha suna kafaɗa da kafaɗa. In aka ce komai haɗari ne, ido ba ya tsayawa ko'ina. Sai muka tambayi kanmu: waɗanne ne in an kuskure su ake rasa rai, na mutum ko na dabba? Muka sami uku. Su kaɗai muka sa a sama, cikin akwati, da jan tawada da manyan baƙaƙe:

GUBA NE. KADA KA ZUBA SHI A GORAR RUWA KO KWALBAR LEMO. KA KULLE SHI INDA YARO BA ZAI KAI BA.

KADA KA SA WA DOKI. KADA KA SA WA JAKI. YANA KASHE SU.

IN WANI YA SHA, KADA A SA SHI AMAI, KADA A BA SHI NONO KO MAI. A KAI SHI ASIBITI YANZU, TARE DA KWALBAR.

An yi gardama a kan na ukun. Wani dattijo ya ce tun kakanninmu nono ake bai wa wanda ya sha guba. Na ce masa, Baba, ka sansana kwalbar nan. Warin da kake ji kamar na fetur, na ruwan da aka narka maganin a ciki ne. In aka sa mutum amai, ruwan nan zai iya komawa huhu, ya yi ɓarnar da ta fi ta cikin. Ga shi kuma amitiraz yana sa barci, wanda barci ya ɗauke kuwa in aka ɗura masa abu sai ya shaƙe. Shi ya sa ba mu rubuta "a nemi taimakon likita" ba, kamar yadda kamfani ya yi. Wannan magana ba ta hana kowa ɗauko ƙwarya. Sai ka ambaci abin da mutum zai yi da hannunsa, ka kira shi da sunansa, ka ce kada. A bayan shafin kuma muka sa alamomin da za a gane: barci mai nauyi, jiri, amai, jiki ya yi sanyi, numfashi da bugun zuciya su ragu. Yaron da ya yi wasa kusa da wurin feshi, ya kwanta barcin da ba a iya tashinsa, ba gajiya ba ce.

Na biyu shi ne jeri. Muka bi mai feshi tun daga safe, abin da hannunsa ya fara taɓawa shi muka fara rubutawa, kowane layi aiki ɗaya da lambarsa. Na 1, ka shayar da shanu tukuna, don kada ƙishirwa ta sa su lasar maganin. Na 2, ka zaɓi wuri nesa da rijiya da rafi, domin yana kashe kifi, kuma ka yi da sassafe ko da yamma. Na 3, ka sa safar hannu ta roba, da riga mai dogon hannu, da takalmi, ka rufe hanci da baki. Sai a na 4 muka ce ka buɗe kwalba. A tsohuwar takarda safar hannu tana bayan awo, alhali kuwa lokacin awo ne maganin yake da cikakken ƙarfinsa, ninki 500 na wanda ke fita daga bakin famfo. Ɗigon da ya zuba a yatsa lokacin awo ya fi raɓar feshi haɗari nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, wato awo. Takardar kamfani ta ce kashi 1 cikin 500, a wani wurin ta ce mililita 2 a kowace lita. Duk daidai ne, amma wa ke da ma'aunin lita a ruga? Sai kowa ya koma murfin kwalba. Murfin ƙaramar kwalba daban, na babba daban, wani ya cika shi, wani ya yi rabi. Na ga wanda ya ga lamba 12.5 a jikin kwalba ya zaci ita ce awon. In ya yi yawa, sai ka ga shanu sun yi sanyi, suna tangaɗi, maruƙa sun kwanta. In ya yi kaɗan, kaska ba ta mutuwa, kuɗi ya tafi, kuma a hankali kaskar da ta tsira ita ke haihuwa, har a wayi gari maganin ya daina aiki a wannan yanki, a ce jabu ne.

Mu sai muka yi lissafin da kanmu, muka rubuta shi da kayan da ke hannun mutane. Famfon goyo mai lita 15 yana ɗaukar mililita 30. Muka rubuta: sirinji mai lamba 10, ka cika shi zuwa layin 10, sau uku. Jarka mai lita 20 kuwa sau huɗu, wato mililita 40. Muka zana sirinjin, muka ja layi a wurin. Babbar saniya tana shan lita 3 zuwa 5 kafin ta jiƙe sosai, har kunnuwa da hantsa da ƙarƙashin wutsiya. Mu ce lita 4. Mai shanu 30 yana bukatar lita 120, wato famfo 8, wato mililita 240 na magani. Duk wanda ya ce mini ya wanke shanu 30 da famfo biyu, na san yayyafi ya yi musu, kuma na san nan da 'yan kwanaki zai dawo yana zagin mai shago.

Akwai kalmomin da muka kore gaba ɗaya: "kaɗan", "daidai gwargwado", "da kyau", "bayan wani lokaci". Kowa da nasa kaɗan. Inda aka ce a wanke ido da kyau, muka ce a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15. Inda aka ce kada a daɗe da haɗaɗɗen magani, muka ce abin da ka haɗa yau ka ƙarar da shi yau, don yana lalacewa cikin ruwa. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a zuba ɗaurayen cikin famfo, a huda ta, don kada ta koma gorar mai ko ta nono.

Fatake da mahauta, ga naku. Akwai kwanakin da ake jira bayan feshi kafin a yanka dabba ko a sha nononta. Wannan lamba ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka muka bar gurbi biyu, ɗaya na nama, ɗaya na nono, malamin dabbobi ya duba kwalbar da aka saya ya cika da alƙalami, ya sa ranar feshi a gefe. Ba mu canza ko lamba ɗaya daga abin da kamfani ya rubuta ba, kuma takardarmu ba ta maye gurbin tasa. A samanta mun buga cewa ta amitiraz mai 12.5 ce kawai. Maganin da ake tsiyayawa a gadon baya ba a haɗa shi da ruwa, awonsa bisa nauyin dabba ne. Maganin auduga kuwa, na san ana samunsa da arha a ƙasar nan tamu ta auduga, amma ba na jikin dabba ba ne, ba kuwa za mu rubuta masa awo ba.

Da muka gama, ba mu tambayi kowa "ka gane?" ba, domin ba wanda zai ce wa malami bai gane ba. Mun ba mutum takarda da famfo da sirinji da kwalbar ruwan shuni, muka ce yi mu gani. A nan muka ji kunya. Mun zana jaki muka gicciya masa layi, sai wani ya duba ya ce, madalla, ashe har kaskar jaki yana kashewa. Muka koma muka zana jaki kwance, ƙafafu sama, kusa da kwalba. Wani kuma ya karanta "sau uku" ya zaci feshi uku za a yi wa saniya, dole muka mai da shi "cikin sirinji uku a famfo ɗaya". Sai a zama na uku aka sami mutum biyar a jere da suka yi daidai ba tare da mun buɗe baki ba.

Takardun suna nan wurin magatakarda, kowane Ardo ya karɓi na rugarsa, a ɗaura a wuyan kwalba da zare. Akwai famfo da ruwan shuni a bakin ƙofa, ina son mutum biyu su fito su gwada a gabanku, ɗaya mai karatun boko, ɗaya mai ajami.